Buruji uku ga mutum ɗaya: Asad, Saratan ko Akrab?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An haife ni ranar 5 ga Agusta, 1995, da misalin ƙarfe ɗaya na rana, a Kano. Wani shafin Turawa ya ce burujina Leo ne. Na sa wannan ranar a wata manhajar Indiyawa, sai ta nuna rana tana Cancer. Wani Ba'indiye da muke aiki tare kuma ya duba ya ce ai ni ɗan kunama ne. Ba duba nake nema ba, lissafin ne ya ɗaure mini kai. Wane ne ya yi kuskure a cikinsu?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Babu wanda ya yi kuskuren lissafi a cikin ukun. Biyu na farko abu ɗaya suka auna, wato inda rana take a ranar da aka haife ka, amma kowa da inda ya kafa bakin igiyar awonsa. Shi kuwa abokin aikinka ba ranar ma ya duba ba, wata ya duba. Bari mu bi su a hankali, mu fara da biyun farko, don nan ne asalin maganar take.

Da a ce hasken rana ba ya rufe taurari, da ka lura cewa kowace safiya rana tana ɗan gusawa gabas a tsakaninsu, kamar digiri ɗaya a kwana, har ta zagayo inda ta faro bayan shekara. A zahiri duniya ce ke zagaya rana, amma daga inda muke tsaye haka abin yake bayyana. Wannan hanya da rana ke bi da'ira ce mai digiri 360, kuma wata da sauran duniyoyi duk a gefenta suke tafiya. Mutanen Babila, a ƙasar Iraki ta yanzu, su ne suka yanka ta gida goma sha biyu daidai wa daida wajen ƙarni na biyar kafin haihuwar Annabi Isa, kowane gida digiri 30. Gidajen nan su ne burujai, kuma da sunayen Larabci malamanmu suka san su: Hamal, Saur, Jauza, Saratan, Asad, Sumbula, Mizan, Akrab, Kaus, Jadyu, Dalwu da Hutu. Leo ɗin da ka gani shi ne Asad, wato zaki. Cancer shi ne Saratan, ƙaguwa. Kunama kuwa Akrab.

To, da'ira ba ta da kai ba ta da gindi. Duk wanda zai raba ta sai ya zaɓi inda zai ce nan ne sifili, nan Hamal ya fara. A kan wannan zaɓi aka rabu.

Ka ɗauka wata fadama ce za a yanka fegi goma sha biyu. Wani ya ce a fara awo daga gindin tsohuwar kukar can, don ba ta motsi. Wani ya ce a fara daga bakin kogi, don shi manomin rani abin da ya dame shi shi ne nisansa da ruwa. A shekarar da aka yi rabon, kukar a bakin ruwa take, saboda haka ba a ga wani bambanci ba. Sai dai kogin yana ja da baya kaɗan-kaɗan kowace damina, yana nisa da kukar. Bayan jikoki da tattaɓa-kunne, rijiya guda da ba ta taɓa gusawa ba za ta zama a fegi na huɗu ga mai awo daga kuka, a fegi na biyar ga mai awo daga ruwa. Rijiyar ita ce rana a ranar haihuwarka.

Masu awo daga kuka su ne masu tsarin taurari, wanda za ka ga an rubuta `Sidereal` a manhajoji. Suna ɗaure burujai da wani tauraro sananne, yadda burujin zai ci gaba da zama a kan taurarin da aka sa masa suna dominsu. Wannan shi ne na Indiyawa, kuma shi ne na Babilawa tun farko. Masu awo daga ruwa su ne masu tsarin yanayi, `Tropical` a allon waya, wanda Turawa ke bi. Su ba ruwansu da wani tauraro. Sifilinsu shi ne daidai gurbin da rana take a ranar 20 ko 21 ga Maris, lokacin da take tsallake tsakiyar duniya daga kudu zuwa arewa, ta fito daga gabas sak, dare da yini su kusa yin kunnen doki a ko'ina. Daga nan suke ƙirga digiri 30 su ce Hamal, 30 na gaba Saur, har ƙarshe.

Wannan gurbi na Maris shi ne bakin kogin, kuma yana ja da baya a tsakanin taurari. Dalilin yana jikin duniya kanta. Duniya tana juyawa ne a karkace, da karkatar kusan digiri 23 da rabi, kuma ba mulmulalliya ba ce sarai, tana da ɗan tumbi a tsakiyarta. Rana da wata suna jan wannan tumbi kamar za su miƙar da ita. Abin da ke juyawa da sauri kuwa idan aka ja shi ba ya miƙewa, sai dai ya yi layi. Duk wanda ya yi wasan katantanwa da ƙuruciya ya san wannan: tana juyawa da gudu, amma kanta yana zana wata da'ira a hankali. Haka duniya take yi, sai dai nata layin yana ɗaukar kimanin shekara 25,800 kafin ya zagayo sau ɗaya. Idan ka raba wannan da digiri 360, za ka samu digiri ɗaya a cikin kusan shekara 72. Mutum zai yi rayuwarsa kaf bai ga gurbin ya gusa fiye da faɗin wata biyu a jere ba, shi ya sa ba a lura da ido.

An daɗe da sanin wannan gusawa. Hipparchus, masanin taurari Bagirke, ya gano ta wajen shekara 130 kafin haihuwar Annabi Isa, da ya kwatanta awonsa na tauraron Simaku da wanda aka yi kimanin shekara ɗari da hamsin kafin shi. Batlimus na Iskandariyya, a ƙarni na biyu, ya ƙiyasta digiri ɗaya a shekara ɗari, wanda ya yi jinkiri da yawa. Masana Musulmi ne suka gyara adadin: Al-Battani ya ce digiri ɗaya a shekara 66, Nasiruddin al-Tusi kuma ya ce a shekara 70, ka ga saura ƙiris ya faɗa a kan adadin da muke da shi yau. Dalilin abin kuwa sai a 1687 Newton ya bayyana shi.

Shi Batlimus ɗin ne ya tsayar da magana cewa burujai daga gurbin Maris suke farawa, kuma littattafansa ne suka yi tasiri a kan akasarin masu falaki na ƙasashen Musulmi, daga baya Turai. A zamaninsa zaɓin bai tayar da ƙura ba, domin kuka da ruwa suna kusa da juna, tazarar ba ta wuce 'yan digiri ba. Indiyawa kuwa, ko da suka karɓi burujai goma sha biyu daga Girkawa, suna da nasu tsohon tsarin na masaukan wata 27, kowanne da taurarinsa da ake gani da ido, sai suka bar burujan a ɗaure da taurari. Tun daga lokacin tazarar take ƙaruwa. Yau ta ɗan haura digiri 24, wato kashi huɗu cikin biyar na buruji guda. Indiyawa suna kiran wannan tazara ayanamsa, kuma ita ce mabuɗin amsar tambayarka.

Yanzu mu yi naka lissafin. Ranar 5 ga Agusta, 1995, da ƙarfe ɗaya na rana agogon Nijeriya, rana ta yi nisan kimanin digiri 132 da daƙiƙa 36 daga gurbin Maris. Daƙiƙa a nan kashi ɗaya ce cikin sittin na digiri. Burujai huɗu na farko sun cinye digiri 120, saura 12 da daƙiƙa 36 a cikin na biyar. Na biyar shi ne Asad. Shafin Turawa bai yi ƙarya ba.

Don ka koma tsarin taurari, sai ka debe ayanamsa ta wannan shekara. Ayanamsar da ta fi yaɗuwa ita ce ta wani masanin Indiya mai suna Lahiri, wadda take ɗaukar cewa tsarin biyu sun haɗu a shekara ta 285. Za ka iya ƙiyasta ta da biro: daga 285 zuwa 1995 shekara 1,710 ne, ka raba da 72, ka samu digiri 23 da kashi uku cikin huɗu. Adadin da ke cikin jadawali shi ne kusan digiri 23 da daƙiƙa 48, ka ga ƙiyasin hannu bai yi nisa ba. Sai a debe:

```
  132°36'  =  131°96'
            −  23°48'
            = 108°48'
```

Ka lura da aron da aka yi. Ba za a iya debe 48 daga 36 ba, sai aka ari digiri ɗaya, shi kuwa daƙiƙa 60 ne ba 100 ba. Nan ne ɗalibaina suka fi tuntuɓe, don hannu ya saba da lissafin goma-goma. Digiri 108 da daƙiƙa 48 ya wuce burujai uku, waɗanda suka cinye 90, saura 18 da daƙiƙa 48 a cikin na huɗu. Na huɗu shi ne Saratan. Manhajar Indiyawa ma ta faɗi daidai. Ranar ba ta matsa ko taki ɗaya ba, lambar fegin ce ta sauya.

Ba kowa ne burujinsa ke sauyawa ba. Tunda abin da ake debewa kusan 24 ne daga cikin 30, wanda rana ta riga ta wuce digiri 24 a burujinsa na tsarin yanayi zai tsira a gida ɗaya. Wanda aka haifa ranar 20 ga Agusta na wannan shekara taka, rana tana kan digiri 27 na Asad. Ka debe 23 da daƙiƙa 48, ya rage 3 da daƙiƙa 12, har yanzu a Asad. Saboda haka kusan mutum ɗaya cikin biyar ba ya ganin wani bambanci, sauran huɗun kuwa suna komawa buruji ɗaya baya. Baya ake komawa kullum, kuma gida ɗaya tak. Idan wata manhaja ta kai ranarka gaba, ko ta tsallake gida biyu, to an yi kuskure: ko an tara a inda ya kamata a debe, ko an debe sau biyu, ko kuma ba rana ake magana a kai ba. Wata hanyar gwaji ita ce ka duba tazarar da ke tsakanin rana da wata a taswirorin biyu. Dole ta zo ɗaya, domin adadi ɗaya aka debe wa kowa. Haihuwarka ta faɗo ne wajen takwas ga Rabi'ul Awwal 1416, wata ya ɗan wuce rabi, kuma babu tsarin da zai mayar da shi jinjiri.

Akwai wani ruɗani a cikin gidan masu tsarin taurari kansu, wanda ba kasafai suke son a tona ba. Gurbin Maris abu ne da ake aunawa, ba gardama a kansa. Amma a sama babu wani turke da aka kafa aka rubuta "nan Hamal ya fara". Dole a zaɓi tauraro a ba shi lamba, kuma ba a haɗu a kan tauraro ɗaya ba. Ta Lahiri ta ɗauki tauraron da Indiyawa ke kira Citra, Larabawa ke kira Simaku, ta ajiye shi a digiri 180 cif, wato a kan iyakar Sumbula da Mizan. Ta samu karɓuwa ne saboda gwamnatin Indiya ta kafa kwamitin gyaran kalanda a 1952 a ƙarƙashin masanin kimiyya Meghnad Saha, wanda N. C. Lahiri ya kasance sakatarensa, kuma aka ɗauki wannan lissafi a jadawalin hukuma. 'Yan tsirarun Turawa da ke bin tsarin taurari suna amfani da ta Fagan da Bradley, wadda take ƙoƙarin komawa ga awon Babilawa, inda tauraron Dabaran yake tsakiyar Saur. Ta fi ta Lahiri da kusan digiri ɗaya. Akwai kuma ta Raman, wadda ta gaza ta Lahiri da kusan digiri ɗaya da rabi.

A wurinka wannan bai canza komai ba, don ranarka tana can tsakiyar Saratan. Amma ka ɗauki wanda aka haifa ranar 17 ga Agusta, 1995 da rana tsaka. Rana tana kimanin digiri 144 da daƙiƙa 7. Da ta Lahiri ya rage 120 da daƙiƙa 19, ya shiga Asad da ƙyar. Da ta Fagan da Bradley, wadda take wajen digiri 24 da daƙiƙa 40 a shekarar, ya rage 119 da daƙiƙa 27, yana bakin ƙofa a Saratan. Manhajoji biyu, duka masu cewa tsarin taurari suke bi, za su ba shi amsa biyu. Idan ka ga irin haka, ka shiga saitin manhajar ka nemi inda aka rubuta `Ayanamsa`, za ka tarar kowace da wadda aka ɗora ta a kai.

Sai kunamar abokin aikinka. A al'adar Indiyawa, idan aka tambayi mutum burujinsa, wanda suke kira rashi a harshensu, abin da ake nufi galibi shi ne inda wata yake lokacin haihuwa. Turawa kuwa rana suke nufi. A lokacin da ka ambata, wata yana kusan digiri 240 da rabi daga gurbin Maris, wato ya shiga Kaus ke nan a tsarin yanayi. Ka debe ayanamsa, ya dawo wajen 217, wanda yake digiri bakwai a cikin Akrab. Ga kunamarka nan, Vrishchika a bakinsu. Shi wata ɗan hanzari ne, yana cin kimanin digiri 13 a kwana, yana sauya buruji duk bayan kwana biyu da 'yan sa'o'i. Da a ce cikin daren da ya gabaci wannan rana aka haife ka, jim kaɗan bayan sha biyun dare, da abokin naka Mizan zai ce maka. Shi ya sa Ba'indiye ba ya yin lissafi sai ya tambayi sa'a da gari.

Har ma akwai hanya ta huɗu da ake yi a nan gida, inda mai hisabi zai tara lambobin haruffan sunanka da na mahaifiyarka, ya yi ta zubar da goma sha biyu-goma sha biyu, abin da ya rage ya ce shi ne burujinka. Wannan ba ta taɓa sama ko kaɗan, suna kawai aka ara. Kada ka haɗa ta da lissafin da muke yi.

Kana iya cewa, to wane tsari ne ya fi gaskiya? Ya danganta da abin da kake son aunawa, kuma kowanne yana da abin da ya riƙe da abin da ya saki.

Tsarin yanayi ya riƙe rana da inuwa. A Kano, wadda take kan digiri 12 arewa, rana tana tsayawa tsaka a ka, inuwar sanda ta ɓace da tsakar rana, sau biyu a shekara: wajen 21 ga Afrilu da wajen 22 ga Agusta. A tsarin yanayi wannan farkon Saur ne da ƙarshen Asad, kuma haka zai kasance bayan shekara dubu da ɗan bambanci ƙalilan. Kalandar Miladiyya da muke amfani da ita shekarar yanayi take bi, mai kwana 365.2422. Kalandar Iran ma haka, wadda sabuwar shekararta, Nauruz, take kamawa a daidaiton dare da yini na Maris, kuma a Afganistan watannin wannan kalanda sunayen burujan nan suke ɗauke da su, daga Hamal zuwa Hutu. Abin da tsarin ya saki shi ne taurari. Gurbin da suke kira farkon Hamal yau a cikin taurarin Hutu yake zaune. Sunan ya zama kamar sunan unguwa da ake kira da wata bishiya da aka daɗe da sarewa.

Tsarin taurari ya riƙe sama, ya saki yanayi. Shekararsa, wato lokacin da rana ke ɗauka ta dawo kan tauraro ɗaya, ta fi ta yanayi tsawo da kusan minti 20. Minti ashirin ba komai ba ne, amma a shekara 72 ya zama kwana guda. Ana ganin sakamakon a bukukuwan Indiya. Makar Sankranti, bikin shigar rana burujin Jadyu, asalinsa yana tafiya ne da juyowar rana daga kudu, wadda take faruwa 21 ko 22 ga Disamba. Yau ana yin bikin 14 ko 15 ga Janairu, fiye da mako uku bayan rana ta riga ta juyo. Haka sabuwar shekarar Tamilawa da ta Bangalawa take faɗowa wajen 14 ga Afrilu, ranar da rana ke shiga Hamal na taurari, alhali daidaiton dare da yini ya wuce tun cikin Maris. Waɗannan kwana 24 su ne ayanamsar nan da muka debe, ta fito a kalanda.

Mu ma muna da irin wannan a lissafin manoma, inda ake kiran kwanakin shekara da sunayen masaukan wata 28, kowanne kwana 13 in ban da Jabha mai 14: Surayya, Dabaran, Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, har zuwa Simaku da sauransu. Sunayen na taurari ne na gaske, Simakun nan ma shi ne wanda Lahiri ya kafa turkensa a kai. Amma duk wanda ya ɗaure su da ranakun kalandar shekara ya bar su haka, to ya mayar da su lissafin yanayi, kuma a hankali suna da tauraro za su raba hanya kamar yadda burujai suka yi.

Kada kuma ka ɗauka cewa tsarin taurari shi ne hoton sama sak. Shi ma yanka talatin-talatin yake yi, taurarin kuwa ba su san wannan adalci ba. Bisa iyakokin da ƙungiyar masana taurari ta duniya ta wallafa a 1930, rana tana shafe kimanin kwana 44 a cikin taurarin Sumbula, amma mako ɗaya kacal take yi a cikin na Akrab. Daga nan sai ta shiga wani rukuni da ba ya cikin goma sha biyun, Ophiuchus, wanda aka zana da siffar gardi riƙe da maciji, ta zauna daga ƙarshen Nuwamba zuwa wajen 17 ga Disamba. Wannan ne ake ta tayar da shi a jaridu lokaci zuwa lokaci, kamar a 2011 da 2016, ana cewa an gano buruji na goma sha uku. Ba a gano komai ba, Batlimus ma ya lissafa shi a jerin taurarinsa. Buruji ma'auni ne, rukunin taurari kuwa yanki ne na sama, kuma babu ɗaya daga tsarin biyu da yake da gida na goma sha uku. A taka ranar dai, iyakokin 1930 sun yarda da Indiyawa: rana ba ta shiga taurarin Asad sai wajen 10 ga Agusta.

Tunda ka ce ba duba kake nema ba, ba zan tsawaita a nan ba, amma ga ra'ayina a taƙaice. Duk abin da muka yi lissafin tafiyar rana da wata ne, irin wanda malamai suka halatta don sanin lokutan salla, alƙibla da shigowar yanayi, suka bambanta shi da da'awar cewa taurari suna tsara halin mutum ko arzikinsa. Ni falaki nake koyarwa, kuma ban ga wata hanya da gurbin rana zai sa wani ya zama mai zuciya wani mai haƙuri ba. Abin dariyar shi ne, mutum huɗu cikin biyar suna da buruji biyu masu bayanin hali daban-daban, kuma kowane ɓangare yana rantsuwa cewa nasa ya dace da shi. Ga kuma tarin 'yan'uwanmu da takardar rantsuwar kotu ta ba su 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwa. Duk Jadyu ne a wurin Turawa, duk Kaus ne a wurin Indiyawa idan rana aka duba, alhali wasunsu ana tsakiyar girbin gero aka haife su.

Idan kana son ka ga tazarar da idonka, ba sai ka sayi komai ba. Ka jira lokacin sanyi, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, sa'ad da Kaza da 'Ya'yanta take fitowa da wuri bayan magariba. Ita ce Surayya, kuma ita da jan tauraron nan Dabaran da ke biye da ita duk a jikin taurarin Saur suke. A tsarin Lahiri, Kaza tana wajen digiri 6 na Saur, Dabaran yana wajen 16. A tsarin yanayi kuwa Kaza ta riga ta taka farkon Jauza, Dabaran yana wajen digiri 10 a cikinsa. Sau ɗaya a kowane wata, wata yana ratsawa ta wannan wuri. Daren da ka gan shi tsakanin Kaza da Dabaran, ka buɗe manhajojinka biyu. Ta Turawa za ta rubuta Gemini, ta Indiyawa za ta rubuta Taurus ko Vrishabha. Ka ƙara 30 a kan digirin da ta Turawa ta nuna, tunda tana gaba da buruji ɗaya, sannan ka debe na ta Indiyawa, za ka samu digiri 24 da 'yan daƙiƙu.